Keken da za a fara da shi: yadda muka zaɓar wa wata sabuwar tela a Kano

'Yar ƙanwata ta gama koyon ɗinki bayan shekara biyu da rabi a hannun wata tela a unguwarsu. Ɗinkin mata ta koya: riga da siket na atamfa, doguwar riga, les mai shafi, da hijabai. Mahaifinta ya ba ta ɗakin da ke jikin zaure ya ce ta mayar da shi shago, dangi kuma suka haɗa mata jari, ita ma ta ɗora abin da ta samu a adashi. Da yake na fi shekara ashirin ina gyaran kekunan ɗinki, sai uwarta ta turo ta wurina kafin a taɓa ko sisi.

Ta zo da hoto a waya. Wani farin keke ne na gwanjo, mai ɗan gilashi a gaba da maɓallai, an jera zanen ɗinki iri sittin a jikinsa. Ta ce, "Kawu, wannan nake so. Yana ramin maɓalli da kansa, yana zigizag, har fulawa yana yi."

Na ce, "'Yata, a cikin sittin ɗin nan, guda nawa kika taɓa gani a jikin kayan da uwar ɗakinki take karɓar kuɗi a kansu?"

Ta yi shiru, sannan ta ce miƙaƙƙen ɗinki ne kawai, sai wibin, wato ɗinkin rufe bakin yadi.

Daga nan muka fara. Farashi ya riƙa tashi kusan kowane wata bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, don haka ba zan rubuta kuɗi da naira ba. Zan auna komai da kuɗin sabon keken ƙafa guda ɗaya, kai da teburi da ƙafa. Jarinta gaba ɗaya ya kai kuɗin irin wannan keke biyar.

Abin da ke rikita masu saye

Mutane suna raba kekuna gida biyu, su ce na ƙafa da na wuta. Wannan rabon shi ke sa a yi kuskure, domin "na wuta" iri biyu ne da ba su da alaƙa wajen lalacewa da gyara.

Akwai keken da duk aikinsa ƙarfe ne ke tura ƙarfe. Tsawon ɗinki da hannu ake saita shi, komawa baya da hannu ake danna shi, abin da wuta ke yi kawai shi ne juya moto. A yawancin irinsa, in ka cire moton ka sa bel da feda, zai ci gaba da ɗinki. Baƙin Butterfly da kowa ya sani yana cikin wannan gida. Haka Juki DDL-8700 na shago, haka Singer 20U mai zigizag, haka ma Singer 4423 na cikin gida, wanda mutane da yawa suke ɗauka mai kwamfuta ne saboda yana da zanen ɗinki iri 23, alhali da hannu ake murɗa komai nasa.

Sai keken da ke da fanel, wato allon lantarki irin na kwamfuta, a ciki. A irin wannan, in ka danna maɓalli, fanel ne ke ba ƙananan motoci umarni su karkata allura hagu da dama, su kuma ƙayyade tafiyar haƙorin da ke jan yadi. Brother CS6000i misali ne a na cikin gida, Jack A4 na shago ma da fanel yake aiki, ko da yake miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. In fanel ya mutu, keken ya tsaya cak ko da kowane ƙarfe nasa lafiya lau yake, kuma babu dabarar sukudireba da za ta tashe shi.

Tsakaninsu akwai wanda 'yan kasuwa ke kira darek, irin Jack F4: kansa na ƙarfe ne kamar na sauran kekunan shago, amma motonsa a manne yake a jikin kan, kuma ɗan ƙaramin fanel ne ke kula da gudun moton da wurin tsayawar allura. Wannan tsaka-tsakin shi ya fi ɗaukar mana lokaci a tattaunawa, zan dawo kansa.

Aiki biyu na ba ta

Na hana ta zuwa kasuwa har mako biyu. Na ce ta samu littafi ta riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, dare da rana. Na kuma ce ta koma shagon uwar ɗakinta ta ɗinka doguwar riga ta atamfa daga awo har guga, tana duba agogo a kowane mataki.

Littafin wuta ya nuna abin da duk mazauna layinsu suka sani amma ba su taɓa lissafawa ba. Yawancin ranaku wutar tana zuwa ne bayan sallar isha'i ta tafi kafin asuba. Da rana, a kwana goma sha huɗu, kwana biyar ne aka samu wutar da ta kai awa uku a jere, biyu daga ciki kuma ba ta da ƙarfi, fanka da ƙyar take juyawa.

Lissafin rigar ya fi ba ta mamaki. Ta ɗauki awa uku da ɗan ɗoriya. Awo da zane da yanka sun ci kusan awa ɗaya. Haɗa gaba da baya da fil, saita hannu, sa zif, guga tsakanin matakai, warware wurin da ya karkace, su suka cinye sauran. Sai muka ɗauki tef muka auna duk inda allura ta bi a jikin rigar, gefe da kafaɗa da hannu da wuya da kalmasa, muka samu kusan mita goma sha biyu. In tsawon kowane ɗinki milimita biyu da rabi ne, mita ɗaya tana cin ɗinki 400, rigar gaba ɗaya ɗinki 4,800 ke nan. Ƙafar da ta saba tana iya ba da ɗinki wajen 500 a minti a miƙaƙƙen layi, wato minti goma na tafiyar allura zalla. Ko an ninka sau uku saboda tsayawa da juya yadi, rabin awa ne cikin awa uku.

Juki DDL-8700 an rubuta masa ɗinki 5,500 a minti. A takarda, zai gama rigar nan cikin minti ɗaya. A zahiri babu telan mata da ke kai keke wannan gudu a kan hannun riga ko lanƙwasar wuya. Abin da keken shago zai rage mata shi ne kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin a kowace riga, da gajiyar ƙafa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗinka riga biyar a rana, ko mai ɗinkin kayan makaranta da zannuwan gado inda layi yake da tsawo. Ga wadda ba ta da kwastoma ko ɗaya tukuna ban da 'yan uwa, ba gudu ne matsalarta ba.

Farin keken da ta zo da hotonsa

Duk da haka na raka ta ta gan shi, don ba na son ta riƙa jin an hana ta abin da take so ba tare da dalili ba. Kuɗinsa ya kai keken ƙafa biyu. Abu na farko da na yi shi ne juya bayansa na nuna mata ƙaramar takardar da ke manne kusa da inda ake sa waya. An rubuta `120V 60Hz`. Keken Amurka ne. Wutarmu bolt 230 ce, don haka sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ranar da wani yaro a gidan ya jona shi kai tsaye a soket, ranar fanel ya tafi. Na Japan ma haka suke, bolt 100 suke sha. Na Turai ne suka dace da wutarmu. A cikin fararen kekunan da ake kawo mini a mace, wannan jonin kai tsaye yana cikin dalilan da na fi gani.

Ɗinkinsa yana da kyau, ba zan ɓoye ba. A kan atamfa biyu ya yi layi tsaf, ramin maɓallinsa kuma ya fi wanda hannu zai yi. Amma da muka ninka atamfa shida, kamar inda kalmasa ke haɗuwa da ɗinkin gefe, sai ya yi ƙara ya tsaya ya nuna lamba a gilashi. Ba lalacewa ya yi ba, kare kansa ya yi. Motonsa ƙarami ne, kuma an yi shi ne don mai ɗinka kayan gidanta awa ɗaya ko biyu, ba don wanda zai taka shi daga safe zuwa magariba a zafin watan Afrilu ba. Gidan kwarkwaronsa na roba ne, yana kwance a ƙarƙashin takalmi. Da zarar allura ta karye ta kafta shi, zare zai riƙa maƙalewa a wurin, kuma na wannan samfurin ba lalle ne a same shi a kasuwar Sabon Gari ba. Mai ɗinkin les mai duwatsu kuwa ba ta rabuwa da karyewar allura.

Ban ce irin wannan keke ba shi da amfani ba. Tela da ta riga ta kafu, tana da sola a shago, tana ɗinkin kayan yara masu buƙatar ramin maɓalli da ɗan ado, za ta ji daɗinsa a matsayin keke na biyu ko na uku. A matsayin keke ɗaya tilo da shago ya dogara a kansa, a layin da wuta take zuwa da dare, ban yarda ba.

Keken shago mai moton kuloci

Daga nan muka shiga wurin masu sayar da manyan kekuna. Akwai Emel, da Two Lion, da wasu sunaye da dama, yawancinsu ƙirar China ne a kan tsari ɗaya da na Juki, shi ya sa allurarsu ɗaya ce, DB×1 mai zagayayyen gindi, kuma kwarkwaro da ƙoshiya da takalmi na wannan suna shiga wancan. Wannan babbar fa'ida ce: kowane makaniki ya san cikinsu, kayansu kuma suna ko'ina. Suna da kaskon mai a ƙasa da famfo mai zagaya shi, don haka ba sai an bi ramuka ana ɗiga mai kullum ba. Farashinsu a ranar ya haura keken ƙafa uku kaɗan.

Matsalar tana ƙarƙashin teburi. Moton kuloci, wanda yawanci wat 400 ne, da zarar an kunna shi yana ta juyawa ko ana ɗinki ko ana yanka. Feda kawai haɗa shi take da keken. Tunda mun riga mun gano cewa rabin awa ce cikin uku allura take tafiya, sauran awa biyu da rabi moton yana shan wuta a banza sai dai in za ta riƙa kashewa da kunnawa. Kuma lokacin tashi ne ya fi jan wuta, shi ya sa ƙaramin janareta yake nishi kamar zai mutu duk lokacin da aka kunna shi. In wuta ba ta da ƙarfi, za ka ji yana gurnani ya kasa ɗaukar gudu, yana zafi, in aka bar shi a haka wayar cikinsa ta ƙone. Gyaransa dai yana yiwuwa, masu naɗin waya suna nan.

Lissafin ya fito fili. Kuɗin keken ƙafa uku da ɗoriya a kan keken, kusan ɗaya a kan janareta, abin da ya rage ba zai sayi keken wibin da dutsen guga da almakashi ba, ga fetur kullum kafin kwastoma ta farko ta shigo. Na sha ganin wannan: matashi ya zuba duk jarinsa a babban keke, ya lulluɓe shi da zani, yana zuwa shagon maƙwabci yana aron na ƙafa.

Darek da masu yanke zare

Darek ya fi kuloci dacewa da halin wutarmu ta fuska ɗaya. Motonsa na sarbo ne, ba ya juyawa sai an taka, don haka ko da an rubuta masa wat 550, abin da yake sha a yini bai kai na kuloci ba ko kusa. Ba ya da wannan jan wuta na tashi, ƙaramin janareta ko inbata mai kyau suna ɗaukarsa. Ana iya rage masa gudu da maɓalli, abin da ke taimakon sabon hannu ƙwarai, domin kuloci ga wanda bai saba ba kamar doki ne, ka taɓa kaɗan ya zabura. Ta gwada shi ta ji daɗinsa, ni ma ina son sa.

Ta ɗaya fuskar kuma fanel ne. Abin da ya fi kashe shi shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, da janaretan da ke hawa da sauka. Wanda zai saye shi ya sa kuɗin sitabilaiza mai jinkirin kunnawa a cikin lissafi, ya kuma saba da kashe keken da zarar wuta ta tafi. Kafin a biya, a tambayi mai shagon ya ɗauko fanel ɗin wannan samfurin a gani da ido, a ji farashinsa. In ya ce sai an yi oda, to ranar da ya mutu ana iya yin wata guda shago a rufe. Farashin darek ya kai keken ƙafa huɗu. Irin A4 mai yanke zare da ƙulle ɗinki da ɗaga takalmi da kansa ya wuce jarinta baki ɗaya, kuma amfaninsa na sakan-sakan ne da ke taruwa ga mai ɗinka kaya ɗari iri ɗaya. Ba mu tsaya a kansa ba.

Abin da muka saya

Sabon keken ƙafa baƙi, Butterfly, keke ɗaya. Ƙaramin keken wibin mai zare uku, wanda muka ɗora a kan tsohuwar ƙafar ƙarfe da ke ajiye a shagona don shi ma ya yi aiki ba wuta, ya ci kusan ɗaya. Teburin yanka, almakashi mai kyau, dutsen guga na wuta da na gawayi, madubi, zaruruwa, zif da kayan shafi suka ci wani ɗaya. Biyu suka rage, na ce ta ajiye kada ta taɓa.

Mutane suna raina baƙin keken nan saboda sun gan shi a ɗakin kakanninsu. Tsarinsa na tsohon Singer 15 ne, ƙoshiyarsa tana zuwa tana dawowa ne maimakon zagayawa, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi gaba da baya. Amma allurarsa HA×1 mai faffaɗan gefe ɗaya tana kowane shagon kayan ɗinki, bel ɗinsa haka, kuma babu abin da zai same shi da ba za a gyara a yini ɗaya ba.

Sai dai sunan da ke jikin kai ba ya wadatarwa, domin akwai jabu, kuma ko na gaskiya ba duka suke fitowa daidai ba. Mun je da ƙyallaye daga gida: atamfa, shadda, wani sulɓin yadi mai santsi, da yadin hijabi mai miƙewa. Kai uku aka sauko mana da su. Na farko na kama sandar allura na girgiza, tana motsi gefe da gefe, na mayar. Irin wannan zai riƙa tsallake ɗinki, ba ya kuma gyaruwa da saiti. Na biyu da na juya tayar hannu a hankali sai na ji wani wuri yana ɗaurewa a kowane zagaye. Na uku ya zagaya sumul. Muka sa zare mai launi ɗaya a sama, wani launi a kwarkwaro, don a ga inda suke ƙullewa. Ɗinki mai kyau ƙullinsa yana ɓuya a tsakiyar yadi. In aka ga zaren sama ya yi lauje-lauje a ƙasa, tanshan na sama ya yi sako-sako ko zaren bai shiga tsakanin faifansa ba. In zaren ƙasa ya leƙo sama, na sama ya matse da yawa. Muka ɗan murɗa ya daidaita. Ya hau atamfa shida bai tsaya ba, ya dawo kan biyu tsawon ɗinkin bai canja ba, muka danna na baya ya koma kusan kan ramukansa. Shi muka ɗauka.

Matsalolin da suka biyo baya

A wata na biyu ta kira ni hankali a tashe. An kawo mata hijabai shida, keken yana tsallake ɗinki, inda ya kama kuma zare yana tsinkewa in an ja yadin. Ta ɗauka keken ne ya lalace. Abu biyu ne. Allura mai tsini lamba 16 da take ɗinka atamfa da ita tana tura yadi mai miƙewa cikin ramin faranti, sai zaren ya kasa yin laujen da ƙoshiya za ta kama. Muka sa allura mai dunƙulen baki lamba 11, muka sassauta danniyar takalmi daga sama, tsallaken ya tsaya. Tsinkewar kuwa halin miƙaƙƙen ɗinki ne, ba ya miƙewa tare da yadi. Sai ta koma haɗa hijaban a keken wibin, kalmasa kawai take yi a baƙin keke. A nan ne ƙaramin wibin ɗin ya biya kuɗinsa, har maƙwabtanta teloli suka fara kawo mata nasu tana karɓar kuɗi a kowace riga.

Wata rana kuma keken ya ƙi ɗauko zaren ƙasa sam. Ƙanwarta ce ta canja allura ta sa ta a juye. A irin wannan kai, faffaɗan gefen allura yana kallon dama, dogon tsagin yana kallon hagu, zare yana shiga daga hagu zuwa dama. Kafin a kira makaniki a kan tsallake ɗinki, a fara duba wannan, sannan a sa sabuwar allura. Mafi yawan lokaci a nan maganar take ƙarewa. Sau ɗaya ne abin ya kai ga saiti na gaske, lokacin da allura ta daki dutsen les da ƙarfi sandar ta ɗan hau sama, na zo na sauke ta daidai yadda bakin ƙoshiya zai wuce kaɗan saman idon allura.

Kuskure ɗaya nawa ne. Na duba kai da kyau ban duba teburi ba. Katakon garin katako ne da aka matse, da damina ta zo ɗakin ya yi danshi sai ya kumbura a wajen hinjin, kan ya karkace, bel ya riƙa zamewa. Sai da kafinta ya yi mata sabo da falanki. Da na lura tun farko, da kai kawai za mu saya mu nemi tsohon teburi. Wibin ɗin ma ba mala'ika ba ne: wuƙarsa ta dakushe da wuri saboda tana bi ta kan fil, kuma saitin zaruruwansa yana son haƙuri.

Ramin maɓalli da zigizag kuwa, a wata takwas sau bakwai aka buƙace su. Ta kai wa wani mai 20U a bakin titi ya yi mata a kan kuɗi kaɗan.

Keke na biyu

Da azumi ya matso, littafinta ya canja. Kaya sun taru, tana ɗinka uku zuwa huɗu a rana, yawanci masu shafi, wanda ke ninka tsawon ɗinki, ƙafafunta suna kumbura da dare. Ta fara mayar da kaya saboda ba za ta iya cika alkawari ba. A lokacin ne gudu ya zama matsalarta, kuma ajiyarta ta kuɗin keke biyu da ribar da ta ɗora sun kai kusan huɗu.

Zaɓi biyu muka ajiye a gaba: sabon darek, ko tsohon kan Juki na gwanjo a sa masa moton sarbo daban a ƙarƙashin teburi, wanda ke juya shi da bel kamar kuloci. Na fi karkata ga na biyu, dalilina kuma shi ne wurin da fanel yake. A darek, fanel da moto na wannan samfurin ne kaɗai. A ɗaya tsarin, kan ba ruwansa da wuta. In sarbon ya mutu da safe, a kwance ƙusoshinsa uku a ɗaura wani na kowane kamfani, ko a ari tsohon kuloci, kafin la'asar ana ɗinki. An samu ƙarancin shan wuta da saitin gudu, ba a ɗaure shago a jikin fanel ɗaya ba. Wanda ba shi da makanikin da zai duba masa tsohon kai, sabon darek daga shagon da ke da fanel a ajiye ya fi masa kwanciyar hankali, domin a gwanjo ana fenti kan da ba na Juki ba a manna masa suna.

Na gwanjon muka ɗauka, bayan mun duba lambar samfurin a farantin ƙarfen da ke jikin kan, ba a sitika ba. Na kwantar da shi na shafa bakin ƙugiyar da ke kama zare, yana da tsini ba kafta. Haƙoran ba su cinye ba, sandar allura ba ta motsi. Muka kunna shi, mai ya fantsama a ɗan gilashin da ke sama, alamar famfon yana aiki. A gida muka zubar da tsohon man da ya yi baƙi, muka wanke kaskon, muka zuba farin man keke tsakanin `HIGH` da `LOW`. Na gargaɗe ta a kan man gyaɗa da man inji, na farko yana daskarewa ya zama danƙo, na biyu yana ɓata farin yadi. Muka jona ta sitabilaiza, na rage gudun zuwa kusan rabi har hannunta ya saba.

Ta tambaye ni ko ta sayar da baƙin keken ta rage kuɗin sitabilaiza. Na ce a'a. Yana nan kusa da taga, an rufe shi da zani saboda ƙurar hunturu. A goman ƙarshe na azumin nan an yi kwana uku babu wuta a layinsu, a kansa ta ƙarasa kayan sallar mutum tara, ƙanwarta tana wibin a gefe.